Ciniki ya faɗa da baki, yanzu ya ce ba haka muka yi ba

Assalamu alaikum. Ni ɗan albasa ne, ina kawo kaya daga Aliero zuwa kasuwar Mil 12 a Legas. Wata uku da suka wuce na sayar wa wani abokin harka buhu 100 a kan naira 48,000 kowane buhu, a gaban dillalinmu, a kan zai biya cikin mako biyu. Ba mu rubuta komai ba, don shekara huɗu muna hulɗa. Washegari ya turo mini miliyan 2 ta banki, saura miliyan 2 da dubu 800. Da kasuwa ta faɗi sai ya ce shi ba saya ya yi ba, wai na ba shi ne ya sayar ya kawo mini, wai buhu 20 sun ruɓe, sauran 80 ya sayar a kan 32,000, don haka dubu 500 kawai zai cika mini bayan la'ada da kuɗin dako. Ya ce in je duk inda zan je, ba ni da takarda. Shin kuɗina sun tafi ke nan? Wasu na cewa in kai shi wurin 'yan sanda.

Ɗan kasuwa, Mil 12, Legas

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya warware. Kuɗinka ba su tafi ba, kuma kalmar da ya tsorata ka da ita, ta rashin takarda, ita ce mafi rauni a duk abin da ya faɗa. Amma kafin mu je can, abu biyu nake so ka kiyaye tun daga yau: kada ka karɓi dubu 500 ɗin nan da baki kawai, kuma kada ka goge komai daga wayarka. Zan dawo kan dalilin kowanne.

Dokar ciniki da kotunan Legas ke aiki da ita ba ta ce sai an rubuta kafin yarjejeniya ta hau kan mutum ba. Abin da take nema ka riga ka san shi tun kana yaron shago, suna ne kawai ya bambanta. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka ce ka sallama. Tayin ƙarshe da kalmar sallamawa su ne ginshiƙai biyu na farko. Na uku shi ne kowa ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu: kai albasa, shi alkawarin kuɗi. Na huɗu, ku biyun kun yi maganar ne da niyyar ta ɗaure ku, ba hirar shan shayi ba ce, kuma tsakanin 'yan kasuwa biyu a cikin kasuwa kotu tana ɗaukar wannan niyyar a matsayin akwai ta, wanda ya ce babu shi zai kawo hujja. Da zarar waɗannan sun haɗu tsakanin manya masu hankali a kan kaya na halal a idon doka, ciniki ya faɗa. Magana zarar bunu ce, kuma kotu ma haka ta ɗauke ta.

Akwai wuraren da baki kaɗai ba ya wadatarwa, kuma gara ka san su don gaba. Cinikin fili ko gida yana buƙatar rubutu da sa hannun wanda za a kama da shi. Haka tsayawa wani a kan bashi: da dillalinku ya ce "in bai biya ba ni zan biya" da baki, da wuya ka iya kama shi da wannan a kotu. Albasar da aka sauke, aka ƙirga, aka ɗauka, har aka biya wani ɓangare na kuɗinta, ba ta cikin wannan sahu.

To ga inda ainihin aikin yake. Abokin naka bai musa cewa ya karɓi buhu 100 ba. Bai musa cewa ya turo miliyan 2 ba. Ashe ba a kan ko an yi magana kuke jayayya ba, a kan wace irin magana aka yi ne: saye ne, ko kuwa "sayar ka kawo"? Kada ka raina wannan bambanci, domin duk kuɗin da ke tsakaninku a kansa suke rataye. Idan saye ne, albasar ta zama tasa tun ranar da aka sallama aka ɗora ta a hannunsa, kuma ƙa'idar dokar sayar da kaya ita ce asara tana bin mai kaya. Faɗuwar kasuwa tasa ce, ruɓewa bayan ya karɓa tasa ce, kamar yadda da kasuwa ta tashi zuwa 60,000 ba zai neme ka ya ƙara maka ko sisi ba. Idan kuwa wakilinka ne mai sayarwa da la'ada, albasar taka ce har ta fita daga hannunsa, asarar taka ce, lissafinsa na 80 sau 32,000, wato miliyan 2 da dubu 560, shi zai tsaya, sai dai ka ƙalubalanci gaskiyar alƙaluman. Tazarar da ke tsakanin labarinka da nasa naira miliyan 2 da dubu 300 ce.

Kuma in gaya maka gaskiya, labarinsa ba na banza ba ne a kunnen alƙali. Kowa ya san kayan gwari da yawa suna saukowa daga Arewa ne a kan amana, dillali ya sayar ya cire nasa ya aika da saura. Shi ya sa ya zaɓi wannan labarin bai zaɓi wani ba. Kai ne mai da'awa, nauyin hujja a wuyanka yake, haka Dokar Shaida ta 2011 ta tsara. Sai dai sikelin shari'ar kuɗi ba irin na shari'ar laifi ba ne. Ba a neman ka kawar da duk wani kokwanto. Sashe na 134 ya ce rinjaye ake dubawa: a ɗora naka a gefe, nasa a gefe, wanda ya fi nauyi ko da kaɗan ne shi ya ci. Saboda haka ba wata babbar takarda guda kake nema ba. Ƙananan sawaye kake tarawa, waɗanda in an jera su za su nuna hanya ɗaya.

Fara da miliyan biyun nan, don ita ce shaidar da ba ta jin kunyar kowa. Je bankinka ka nemi sitatimen mai hatimi na watan da abin ya faru, kada ka tsaya kan alat ɗin waya. Ka duba abu uku: sunan wanda ya turo, ranar, da abin da aka rubuta a wurin bayani. Ranar ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Ka ce washegari ya biya. Mai sayarwa a kan amana yana biya ne bayan kaya sun fita, daga kuɗin da masu saye suka ba shi. Wanda ya zaro miliyan 2 daga aljihunsa kwana ɗaya bayan sauke kaya, tun buhunan suna jibge, ya fi kama da mai saye da ya fara rage bashi. Tambayar da za a yi masa ita ce: buhu nawa ka sayar a wannan dare ɗaya, kuma wa ka sayar wa? A kan farashinsa na 32,000, sai ya sayar da fiye da buhu 60 kafin ya haɗa miliyan 2. In ya ce ya sayar da su a ranar farko, to a ranar farko kasuwa ba ta faɗi ba tukuna, me ya sa ya sayar a 32,000? Ka ga yadda alƙalumansa da kansu suka fara cin karo da juna.

Wani abu da ke ɓata wa mutanenmu wannan shaida shi ne mai POS. Idan ta wurin mai POS ya turo, sunan da zai fito a sitatimen ɗinka na mai shagon ne ko na kamfaninsa, ba na abokinka ba. A naka al'amarin da sauƙi tunda bai musa biyan ba, amma mutum yana iya sauya baki in ya ga takardar kotu, don haka ka nemo saƙon da ya turo maka hoton rasit, ko wanda ya ce "na tura, ka duba".

Sai dillali. Doka ba ta ƙayyade yawan shaidu a irin wannan shari'a ba, mutum ɗaya da alƙali ya gaskata ya isa. Wannan ya bambanta da abin da muka saba ji a fiƙihu na shaidu biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa, kuma ka tuna Legas ba ta da kotunan shari'ar Musulunci na gwamnati irin na Kano ko Sakkwato. Abin da ake buƙata shi ne shaidar ya faɗi abin da ya ji da kunnensa, ya gani da idonsa. Wanda zai ce "Alhaji ya gaya mini ya sayar a 48,000" bai ƙara maka komai ba, ji-ta-ji-ta ce, kotu ba ta karɓa. Shi ya sa maƙwabtan rumfarka goma da ka ba labari daga baya ba su kai dillalin nan ɗaya ba.

Amma dillali mutum ne mai cin abinci a hannu biyu. Kai kana zuwa kana komawa Aliero, wancan kullum suna tare a kasuwa. Kada ka je masa da "za ka yi mini shaida a kotu?", domin kalmar kotu kaɗai tana sa mutum ya fara mantuwa. Je ka zauna da shi tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka tambaye shi a hankali yadda aka yi ranar, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Sannan ka tambayi abin da mutane ke mantawa: la'adarsa, wa ya biya, yaushe, kuma a kan wane lissafi? Dillali yana karɓar la'ada ne in ciniki ya faɗa. Idan ya karɓi tasa a ranar a kan buhu 100, to shi kansa ya ɗauki abin a matsayin ciniki gamamme, kuma zai yi masa wuya ya ce ba a sayar ba alhali ya ci ladan sayarwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ta banki ka ba shi, wannan ma yana cikin sitatimen.

'Yan dako da direba ba su ji farashi ba wataƙila, amma sun san rumfar da aka kai kaya, sun san wa ya ƙirga, wa ya biya su. Webil ɗin mota da rasit ɗin shiga kasuwa suna tabbatar da rana da adadi. Wa ya biya kuɗin ɗauka daga inda aka sauke zuwa rumfarsa? In shi ya biya a ranar bai ce maka a rubuta a kanka ba, sai yanzu ya tuna da shi a lissafi, wannan ma sawu ne. Haka maganar ruɓewa: yaushe ya fara ambata ta? Mai saye da ya buɗe buhu ya duba, ya karɓa, ya riƙe kaya ya ci gaba da sayarwa bai ce uffan ba, doka tana ɗaukarsa ya amshi kayan, ba zai dawo bayan makonni ya ce ya fasa ba. Abin da zai iya nema shi ne ragi, in ya nuna cewa ruɓar tana ciki tun ranar da ka ba shi. Albasa kuwa kowa ya san halinta a damshin Legas, mako biyu a jibge ba iska ya isa ta fara. In wakilinka ne da gaske, mai amana yakan kira mai kaya ya ce zo ka gani, ko ya turo hoto kafin ya zubar da buhu 20. Ya kira? Ya turo?

Shekara huɗun da kuka yi kuna hulɗa takobi ce mai kaifi biyu, kuma kai kaɗai ka san gefen da za ta yanka. Idan duk cinikinku na baya saye ne a kan tsayayyen farashi, ka fito da tsofaffin sitatimen ka nuna kuɗin da suka shigo suna daidai da adadin buhu sau farashi. Idan kuwa akwai lokutan da ka taɓa bar masa kaya ya sayar ya kawo, ka gaya wa duk wanda zai taimaka maka tun yanzu, kada ya ji shi a bakin abokin hamayya. Sai ka nuna abin da ya bambanta wannan karon: an yanke farashi, an sa wa'adi, an fara biya nan take.

Littafin da kake rubuta bashi yana da amfani, amma da iyaka. Sashe na 51 na Dokar Shaida ya yarda a karɓi littafin lissafi da ake rubutawa yau da kullum a harkar kasuwanci, sai dai ya ce shi kaɗai bai isa a ɗora wa mutum bashi ba, sai da wani abu ya dafa masa. Ko da ajami ka rubuta, ko da 'yar takardar makaranta ce, kawo ta yadda take da maiƙonta da datti. In ba ka rubuta a ranar ba, kada ka zauna yau ka cike gurbin. Na ga mutumin da gaskiya ke hannunsa ya rasa shari'a saboda layi ɗaya da ya ƙara da sabon biro a tsakiyar tsohon shafi. Lauyan ɗaya ɓangaren bai yi wata doguwar magana ba, ya ɗaga littafin ne kawai ya ce a dubi launin tawada, daga nan alƙali ya daina gaskata sauran shafukan ma.

Yanzu wayar. Mu mutane ne masu saƙon murya, kuma wannan ɗabi'a ta ceci mutane da yawa ba su sani ba. Koma farkon hirarku a WhatsApp ka saurari komai daga mako guda kafin ranar har yau. Kana neman kalmomi irin su "sauran kuɗinka", "ka ƙara mini haƙuri", "bashin nan", "zan cika maka". Wanda ya ce "ka yi mini haƙuri zuwa Juma'a in cika maka" a mako na biyu bai yi magana irin ta wakili ba. Amincewar da mutum ya yi da bakinsa a kan kansa tana cikin mafi ƙarfin hujja. Ka duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu a hirar, in an kunna ka adana abin da ya rage yau ɗin nan. Ka yi amfani da `Export chat` ka tura kwafin hirar zuwa wani wuri amintacce, ka ɗauki hoton allo yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, amma ka riƙe wayar kanta. Kada ka sayar, kada ka ba yaro, kada ka canza layi.

Kotu tana karɓar irin wannan shaida a ƙarƙashin sashe na 84, da sharaɗi. Za a haɗa da takardar tabbaci da ke bayyana wace na'ura ce, cewa ana amfani da ita yau da kullum, tana aiki daidai a lokacin, da yadda aka fitar da saƙon daga cikinta, mai kula da na'urar ya sa hannu, wato kai. Kotun Ƙoli ta taɓa watsar da takardun da aka ciro daga intanet saboda rashin cika wannan sharaɗi a shari'ar Kubor da Dickson, don haka ba ƙa'idar ado ba ce. Sannan harshen kotu Turanci ne. Saƙon murya na Hausa sai an rubuta shi an fassara, kuma mai fassarar ya kasance wanda zai iya tsayawa ya ce shi ya yi. Nemi wanda ya san Hausar kasuwa, don "na ɗauka" da "na karɓa" da "na saya" ba ɗaya ba ne, kuma shari'arka tana iya rataya a kan wace aka faɗa.

In ka bincika ba ka sami komai ba, ba a makara ba, matuƙar ba ku kai ga zage-zage ba. Tura masa saƙo a rubuce cikin ladabi, mai ɗauke da alƙaluma, kamar haka: "Alhaji, barka da kasuwa. Maganar albasa buhu 100 da ka saya ranar kaza a kan 48,000 a gaban wane, na ga miliyan 2, saura miliyan 2 da dubu 800. Yaushe zan sa rai?" Ka tsaya nan. Kada ka yi barazana, kada ka ambaci lauya. In ya amsa da "ka yi haƙuri, kasuwa ce ta ba ni kashi", ya ba ka abin da kake nema. In ya maimaita labarin amana, ka dai sami labarinsa a rubuce, ba zai sake sauya shi gobe ba. In ya yi shiru, kotunan Najeriya sun sha cewa wanda aka aika wa wasiƙar kasuwanci da ke buƙatar amsa ya yi gum, ana iya ɗaukar shirunsa a matsayin amincewa. Game da naɗar muryarsa a ɓoye, kotu tana da ikon karɓa ko ƙi bayan ta auna yadda aka samo ta, kuma a kasuwa abin yana zubar da mutunci in ya fito. Na fi son abin da ya turo da hannunsa.

Dubu 500 ɗin da ya miƙo tarko ce ko da bai nufa ba. In ka karɓa a gaban mutane aka yi addu'a aka shafa, gobe zai ce an yi sulhu an rufe magana, kuma zai sami shaidu na gaskiya da suka ga an shafa fatiha. In kana buƙatar kuɗin, karɓa ta banki, kuma kafin su shigo ko nan take bayan sun shigo ka tura saƙo: "Na karɓi dubu 500 a matsayin wani ɓangare, saura miliyan 2 da dubu 300." Ta haka kuɗin sun zama ƙarin hujja gare ka.

Masu ce maka ka je wurin 'yan sanda suna so su taimaka ne, amma hanyar ba ta ɓullewa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin kuɗi zalla, kuma kotuna sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. In ka sa aka tsare shi, yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi ya haɗa da kai, ka wayi gari mai bin miliyan 2 da ɗoriya ya koma wanda ake bi diyya. Takardar alkawarin biya da aka sa mutum ya sa wa hannu a bayan kanta kuwa, abu na farko da lauyansa zai ce shi ne tilasta masa aka yi. Da a ce tun farko da sunan ƙarya ya zo, ko ya karɓi kaya ya gudu, da sai a yi maganar zamba. Mutumin da ke zaune a rumfarsa yana jayayya a kan farashi ba wannan ba ne.

Inda zan fara in ni ne kai shi ne shugabannin 'yan albasa na kasuwar. Sun san farashin ranar, sun san wanda ke saye da wanda ke karɓar amana, kuma suna da abin da alƙali ba shi da shi: mutum yana tsoron a daina sauke masa kaya fiye da yadda yake tsoron sammaci. Amma ka shiga da ido buɗe. Kotun Ƙoli, tun shari'ar Agu da Ikewibe a 1991, ta yarda cewa hukuncin sasanci na gargajiya yana iya ɗaure waɗanda suka kai kansu da yardarsu kuma suka amince da shi. Ma'ana in dattawa suka ce a raba asara biyu ka ce ka yarda, da wuya ka dawo kotu neman cikon. In ba ka gamsu ba, faɗa a wurin cikin ladabi, kada ka yi shiru don kunya ka fito kana gunaguni. In kun daidaita, sakataren ƙungiya ya rubuta adadi da ranakun biya, ku biyu da shaidu ku sa hannu. Daga ranar kana da takardar da ya ce ba ka da ita. Ko zaman bai haifar da biya ba, duk abin da ya faɗa a gaban dattawa game da yadda aka yi cinikin ya shiga kunnen mutanen da ba su da rabo a ciki. In kana ganin shugabannin sun karkata gare shi don ɗan gida ne, Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas tana da cibiyar sasanta jama'a da ke yin wannan aiki kyauta, ana gayyatar ɗaya ɓangaren, in an daidaita a rubuta.

In duk wannan ya ƙi, kuɗinka sun faɗa daidai cikin hurumin kotun ƙananan da'awowi, wadda lauyoyi ke kira simol kilem. Legas ta buɗe ta a 2018 a cikin kotunan majistare, don bashin da adadinsa ya fito fili bai wuce naira miliyan 5 ba. Ana farawa da takardar neman biya, fom mai lamba SCA 1 da ake karɓa a rajistar kotun, a ba shi kwana 14. In bai biya ba ka shigar da ƙara, a kai masa sammaci, kuma an tsara a gama komai cikin kwana 60 daga ranar shigarwa, ko da yake a aikace kai sammaci da ɗage zama suna iya ja. Kana iya tsayawa da kanka ba lauya, kuma kana iya neman tafinta. Duk da haka, tunda akwai maganar takardar tabbaci da fassara, biyan lauya ya zauna da kai sau ɗaya ko biyu ya tsara maka takardu ba asara ba ce a kan miliyan 2 da dubu 800. Ka tabbata kana da cikakken sunansa kamar yadda yake a banki, ba laƙabin kasuwa ba, da lambar rumfa ko inda ma'aikacin kotu zai same shi.

Dokar ƙayyade lokaci ta Legas ta ba ka shekara 6 a kan irin wannan bashi, daga ranar da wa'adin mako biyun ya cika. Kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Dillali yana iya komawa gida da damina bai dawo ba, waya tana faɗawa ruwa, kuma bayan shekara babu ɗan dakon da zai tuna buhu 100 na wane ne a cikin dubban da ya ɗauka.

Cin shari'a kuma daban, karɓar kuɗi daban. In hukunci ya fito ya ƙi biya, ana iya neman kotu ta umarci bankinsa ya biya ka daga abin da ke asusunsa, ko a kama kayansa a yi gwanjo. Nan ma sitatimen ɗin nan zai sake yi maka rana, domin in daga asusunsa ya turo, ka riga ka san bankin da za a nufa. Kada ka gaya masa ka lura da wannan.